Bin Diddigin Ragowar Kuɗi a Takardar Bayanan Asusu, Layi Bayan Layi

Takardar bayanan asusu, wadda ma'aikatan banki da kwastomominsu suka fi kira sitetimen, jerin duk kuɗin da ya shiga asusu ne da wanda ya fita a wani ƙayyadadden lokaci, galibi wata guda ko wata uku ko shida. Kowane shige ko fice yana da layinsa. A ƙarshen kowane layi, can gefen dama, akwai adadin da ke nuna abin da ya rage a asusun bayan an zartar da abin da ke kan wannan layin. Wannan adadi shi ne ragowa mai tafiya, domin tana sauyawa da kowane layi. Yawancin mutane idan sun karɓi takardar, ido kan tafi kai tsaye kan adadin ƙarshe, a kwatanta shi da alat ɗin da ke waya, a ninke takarda a ajiye. Alhali ginshiƙin ragowar nan shi ne wurin da za a iya gwada gaskiyar takardar gaba ɗaya ba tare da tambayar kowa ba, da biro da kalkuleta kawai.

Dokar da aka gina shi a kai guda ɗaya ce. Ragowar kowane layi ita ce ragowar layin da ya gabace shi, a ƙara abin da ya shiga, a ɗebe abin da ya fita. Ke nan adadin da ke layi na goma ya dogara da na tara, na tara ya dogara da na takwas, haka har zuwa ragowar farko da ke saman takarda. Kamar sarƙa ce: idan zobe ɗaya ya ɓace ko aka sauya shi, sai an ga wurin da ta tsinke.

Sanin ginshiƙai kafin a fara

A bankunan Najeriya an saba rubuta kawunan ginshiƙai da Turanci, kuma tsarinsu kusan iri ɗaya ne ko da sunayen sun ɗan bambanta. Akwai ranar da aka shigar da ma'amala, akwai kuma wata rana ta biyu mai suna Value Date, wato ranar da banki ya ɗauki kuɗin a matsayin ya tabbata a asusun. Sai bayanin ma'amalar, wanda ake sa wa Narration ko Description ko Remarks. Bayan shi sai Debit, wato abin da ya fita, da Credit, abin da ya shiga, sannan Balance, ragowa. Wasu bankunan kan rubuta Withdrawals da Deposits ko Lodgements maimakon waɗancan biyun. A Jamhuriyar Nijar, inda takardun banki ke zuwa da Faransanci, kalmomin su ne Débit da Crédit da Solde, kuma lissafin bai canza ba.

Wanda ya ɗan karanta ilimin akanta a makaranta yakan rikice a nan, domin a littafin kuɗi na ɗan kasuwa kuɗin da ya shigo ɓangaren Debit ake rubuta shi. Dalilin saɓanin shi ne takardar an rubuta ta ne daga mahangar banki. Kuɗin da mutum ya ajiye bashi ne a kan banki, don haka duk abin da ya ƙara wannan bashin Credit ne a wurinsa, abin da ya rage shi kuma Debit. Ga mai asusu dai abin riƙewa shi ne Credit yana ɗaga ragowa, Debit yana saukar da ita.

Abu biyu ake dubawa kafin a taɓa kalkuleta. Na farko, ta ina takardar ta fara. Wadda aka buga a reshe ko aka aiko ta imel yawanci daga tsohuwar rana take farawa ta gangaro, amma wadda aka ciro daga manhajar waya sau da yawa sabuwar ma'amala ce a sama. Idan haka ne, daga ƙasa ake farawa a haura, in ba haka ba kowane layi zai fito tamkar kuskure. Na biyu, ragowar farko, wadda ake rubutawa Opening Balance. Dole ta yi daidai da ragowar ƙarshe ta takardar da ta gabata, har kwabo. Idan takardar Fabrairu ta rufe da wani adadi, ta Maris kuma ta buɗe da wani daban, to ko dai ranakun da aka zaɓa sun bar giɓi a tsakani, ko kuma akwai ma'amalar da ta faɗa tsakanin takardun biyu. Duk lissafin da za a ɗora a kan ragowar farkon da ba a tabbatar ba, gini ne a kan tushen da ba a duba ba.

Misali daga asusun wata mai sayar da atamfa

A ɗauki misalin wata mata mai shagon atamfa, da asusun ajiyarta na watan Maris na 2024. An ƙirƙiri adadin cinikin ne don bayani, amma cajin bankin da ke ciki shi ne wanda ake yi a wancan lokacin. Ragowar farko naira 184,250.00 ce, kuma layuka goma sha biyu ne a watan.

```
No  Date    Narration        Debit        Credit      Balance
    01-Mar  Opening Balance                           184,250.00
1   02-Mar  NIP TRF FROM                  65,000.00   249,250.00
2   02-Mar  EMTL                 50.00                249,200.00
3   04-Mar  NIP TRF TO      120,000.00                129,200.00
4   04-Mar  COMMISSION           50.00                129,150.00
5   04-Mar  VAT                   3.75                129,146.25
6   07-Mar  ATM WDL          20,000.00                109,146.25
7   08-Mar  RVSL ATM WDL                  20,000.00   129,146.25
8   11-Mar  CASH DEPOSIT                  48,500.00   177,646.25
9   15-Mar  POS PURCHASE     32,400.00                145,246.25
10  20-Mar  NIP TRF TO       18,000.00                127,246.25
11  20-Mar  CHARGE+VAT           26.88                127,219.37
12  28-Mar  SMS ALERT            40.00                127,179.37
```

Aikin kan tafi kamar haka. A ɗora rula ko gefen wata takarda a ƙarƙashin layi na ɗaya don kada ido ya zame zuwa layin ƙasa, wanda shi ne kuskuren da ya fi yawa a takarda mai ƙananan rubutu. A buga 184,250.00 a kalkuleta, a ƙara 65,000.00 da wata kwastoma ta turo. Amsa ita ce 249,250.00, kuma ita ce ke ginshiƙin ragowa, sai a yi ƙaramar alama da fensir a gefen layin. A sauke rula. Layi na biyu fita ce ta naira 50, a ɗebe, a sami 249,200.00, a yi alama. Layi na uku kuɗin sari ne da ta tura wa dila, naira 120,000, ragowa ta sauko zuwa 129,200.00. Haka za a ci gaba, ba a share abin da ke fuskar kalkuleta, ba a kuma tsallake layi don an ga adadinsa ƙarami ne.

Ƙananan layukan nan suna da asali, kuma sanin asalinsu yana sauƙaƙa aikin. Naira 50 ta layi na biyu harajin tura kuɗi ne na gwamnatin tarayya, wanda Dokar Kuɗi ta 2020 ta sa a kan kuɗin da aka tura ta na'ura daga naira 10,000 zuwa sama, kuma a 2024 daga asusun mai karɓa ake cire shi. Naira 50 ta layi na huɗu kuwa ladan banki ne. Jadawalin caji na Babban Bankin Najeriya da ya fara aiki a Janairun 2020 ya ƙayyade naira 10 ga tiransifa har zuwa naira 5,000, naira 25 daga nan zuwa naira 50,000, sannan naira 50 ga abin da ya haura haka. A kan wannan ladan ake ɗora harajin kaya da hidima na kashi 7.5 cikin ɗari, shi ya sa naira 50 ta haifi naira 3 da kwabo 75 a layi na biyar. A layi na sha ɗaya an haɗe lada da haraji wuri guda: naira 25 da harajinta na naira 1.875 sun zama 26.875, aka cike zuwa 26.88. Wani bankin kan raba su layi biyu, wani ya haɗa, wani ma ya cusa su cikin kuɗin da aka tura, a ga 18,026.88 a layi ɗaya. Duk tsarin da aka bi, ragowa dole ta sauka da jimillar daidai.

Waɗannan kwabbai su ne suka fi saurin tona kuskure. Daga layi na biyar ragowar ta ɗauki wutsiyar .25, kuma ta riƙe ta har layi na goma domin duk abin da ya biyo baya cikakkun nairori ne. Sai a layi na sha ɗaya wutsiyar ta koma .37. Wanda ya saba da aikin yakan fara bin wutsiyar da ido kafin ya taɓa kalkuleta: idan kwabbai suka sauya a layin da adadinsa ba shi da kwabo, to akwai abin da ya ɓace a wurin.

Layi na shida da na bakwai tagwaye ne. Matar ta je cirar naira 20,000 a na'urar ATM, aka cire a asusu amma na'ura ba ta ba da kuɗi ba, washegari aka mayar. Banki ba ya goge layin da ya riga ya shiga, sai dai ya rubuta wani sabo da zai warware shi, kuma galibi akan gan shi da alamar RVSL ko REV ko Reversal. Shaidar cewa an mayar da kuɗin cif ita ce ragowar layi na bakwai ta koma daidai da ta layi na biyar, wato 129,146.25. A wasu takardun ana rubuta kuɗin da aka mayar a ginshiƙin Debit da alamar ɗebewa a gabansa maimakon a sa shi a Credit. Idan aka ci karo da haka, ƙara shi ake yi.

Gwajin jimilla, da dalilin da ya sa bai wadatar ba

Akwai gajeriyar hanya da ta dace a yi a ƙarshe. A tara duk abin da ya shiga, a tara duk abin da ya fita, a gani ko ragowar farko da shiga, in an ɗebe fita, za su ba da ragowar ƙarshe. A misalin nan shiga uku ce, 65,000 da 20,000 da 48,500, jimillarsu 133,500.00. Fita tara ce, jimillarta 190,570.63. Ragowar farko 184,250.00 da 133,500.00 sun zama 317,750.00, a ɗebe 190,570.63, saura 127,179.37, wanda shi ne adadin layin ƙarshe. Takardu da yawa suna kawo waɗannan jimilloli a sama ko a ƙasa da sunan Total Debit da Total Credit, sai a kwatanta su da abin da hannu ya tara, kada a ɗauke su haka nan a yi lissafi da su.

Raunin wannan gwaji shi ne kurakurai biyu suna iya rufa wa juna asiri. Idan aka ƙara naira 5,000 a kan wata shiga, aka kuma ƙara naira 5,000 a kan wata fita, jimilla za ta fito daidai alhali layuka biyu ba daidai ba ne. Haka kuma idan jimillar ta ƙi, ba ta faɗin inda matsalar take. Bin layi bayan layi shi ne ke nuna wuri da adadi a lokaci guda, kuma shi ya sa ya cancanci wahalarsa.

Idan lissafi ya ƙi

Gaskiyar da ya kamata a sani tun farko ita ce kwamfutar banki da wuya ta yi kuskuren tarawa ko ɗebewa. Idan takarda ta fito kai tsaye daga banki kuma ragowa ta ƙi daidaita, mafi yawan lokuta laifin yana wurin mai lissafi, ko wurin yadda aka kwafi takardar, ko yadda aka jera layukanta. Saboda haka matakin farko shi ne a sake buga layin, na biyu kuma a rubuta girman bambancin daidai, domin shi kansa bambancin yakan faɗi dalilinsa.

A ce matar tana bin takardar da littafinta na shago, ta iso layi na tara ta sami 154,246.25 maimakon 145,246.25. Bambancin naira 9,000 ne. Duk bambancin da ya rabu da tara ba saura, abin da ake fara zargi shi ne an juya lambobi biyu, kuma haka ne ya faru a nan: ta buga 23,400 a maimakon 32,400. Dabarar tsohuwa ce a wurin masu aikin akanta, kuma tana kama wani kuskuren ma, wato zamewar sifili. Wanda ya rubuta 4,850 a madadin 48,500 zai ga bambancin 43,650, in ya raba shi da tara sai ya sami 4,850, adadin da ya rubuta bisa kuskure. Sai dai rabuwa da tara alama ce kawai. Layin naira 18,000 da ya ɓace shi ma zai bar giɓin da ke rabuwa da tara, don haka sai an koma an duba da ido.

Idan kuma bambancin ya zama ninki biyu na wani adadi da ke takardar, an sa shi a ɓangaren da ba nasa ba. Wanda ya ga kalmar ATM a layi na bakwai ya ɗauka wata cirar ce ya ɗebe 20,000 maimakon ya ƙara, zai sami 89,146.25 a inda takarda ke nuna 129,146.25. Giɓin 40,000 ne, rabinsa kuwa 20,000, adadin layin. Saboda haka a duk lokacin da aka sami bambanci, yana da kyau a raba shi biyu a nemi amsar a cikin takarda.

Nau'i na uku shi ne layin da ya ɓace. Da layi na biyar ya faɗi wajen buga takarda ko kwafarta, za a ga ragowa ta tashi daga 129,150.00 zuwa 109,146.25 da fitar 20,000 kacal, a rasa naira 3.75. Adadi irin wannan da kansa yake faɗin sunansa ga wanda ya san cajin banki. Inda layuka suka fi ɓacewa shi ne gaɓar shafi, tsakanin layin ƙarshe na wani shafi da layin farko na mai bi masa, musamman in an yi fotokwafi ko an ɗauki hoto da waya. Don haka a riƙa duba lambar shafi, a kuma tabbatar ragowar da shafi ya rufe da ita ita ce wadda na gaba ya ɗora a kai.

Akwai kuma tsinkewar da ba kuskure ba ce, ta jeri ce kawai. Ma'amaloli da yawa na rana ɗaya kan fito a jere daban da yadda aka zartar da su, ko kuma a jera takarda bisa wata rana alhali an lissafa ragowa bisa ɗayar, abin da ya fi faruwa da cek da ma'amalolin ƙarshen mako. Alamarsa ita ce layuka biyu ko uku a jere su ƙi daidaita, sannan lissafi ya dawo kan hanya da kansa. A irin wannan hali sai a ɗauki ragowar ƙarshen jiya, a zartar da duk ma'amalolin ranar a dunƙule, a gani ko za a iso ragowar ƙarshen ranar. Idan an iso, babu kuɗin da ya ɓata.

Wannan ya kawo wata ƙa'ida mai amfani. Da zarar an sami layin da ya ƙi, a yi masa da'ira, a rubuta bambancin a gefe, sannan a ci gaba daga ragowar da takarda ta nuna a wannan layin, ba daga wadda kalkuleta ta bayar ba. In ba haka ba kuskure ɗaya zai bi dukkan layukan da suka rage, har a kasa gane ko akwai na biyu.

Masu asusun kasuwanci da banki ya ba damar cirar fiye da abin da suke da shi su lura da alamar ragowa. Idan asusu ya shiga bashi, akan rubuta DR a gefen adadin ko a sa alamar ɗebewa. A wannan yanayi fita tana ƙara girman adadin, shiga kuma tana rage shi. Mai bashin 10,000 da aka turo masa 4,000 zai ga 6,000 DR, kuma daidai ne.

Alat da takarda

Mutane da yawa kan rikice idan ragowar da alat ya nuna ta saɓa da ta takarda a rana guda. Asusu yana da ragowa iri biyu. Akwai ta littafi, wadda ta ƙunshi duk abin da aka riga aka shigar, akwai kuma wadda za a iya cira, mai suna Available Balance, wadda aka ɗebe mata kuɗin da aka riƙe, kamar cek ɗin da bai wanke ba ko kuɗin da aka tsare saboda wata sayayya da kati. Ginshiƙin takarda yawanci ta littafi yake bi, alat kuma sau da yawa wadda za a iya cira yake nunawa. Ƙari a kan haka, ba kowane ƙaramin caji ne ake aiko wa saƙo ba, kuma saƙonni kan makara ko su zo a hargitse. Alat yana da amfani wajen tabbatar da cewa wata ma'amala ta faru, amma ba a bin sarƙar ragowa da shi.

Takarda mai shafuka da yawa

Layi goma sha biyu aikin minti goma ne. Mai sana'ar POS ko mai shagon da ke karɓar tiransifa dukan yini kuwa takardarsa ta wata ɗaya kan kai ɗaruruwan layuka, kuma a nan kwamfuta ta fi hannu. Idan an sami takardar a tsarin Excel, ko an kwafe ta ciki, a ce fita tana ginshiƙin D, shiga tana E, ragowa tana F, ragowar farko tana layi na 2, ma'amalar farko kuma a layi na 3. Sai a rubuta wannan a gidan G3, a ja shi har ƙasa:

```
=ROUND(F2+E3-D3-F3,2)
```

Duk layin da ya daidaita zai ba da sifili, wanda bai ba da sifili ba kuma adadin da ya fito shi ne giɓin. Da yake kowane layi da ragowar takarda ta layin sama ake gwada shi, kuskure ɗaya ba ya yaɗuwa. Amfanin ROUND shi ne kwamfuta ba ta riƙe kwabbai cif-cif a cikinta, takan bar ɗan ɓurɓushi mai sifili da yawa a gaba wanda zai sa layi mai kyau ya zama kamar yana da matsala. Idan gida ya nuna #VALUE!, to akwai adadin da ya shigo a matsayin rubutu, ko an sa ɗan jan layi a gidan da ya kamata ya zama fanko, sai a gyara. Takardar da aka juyo daga PDF tana bukatar ƙarin kula, domin dogon bayani kan karye ya zama layi biyu, kan shafi kuma ya maimaitu a tsakiyar jeri. A ƙirga layukan a kwatanta da na asali kafin a yarda da sakamako.

Abin da gwajin ke kamawa da abin da ba ya gani

Ba mai asusu kaɗai ke wannan aiki ba. Masu ba da rance, masu binciken kuɗin ƙungiya, da ofisoshin da ke neman shaidar kuɗi duk suna karɓar takardun asusu daga hannun mutane, kuma ginshiƙin ragowa na daga wuraren da suke dubawa. Wanda ya mayar da 65,000 ta layi na ɗaya ta zama 650,000 don asusu ya yi kauri, dole ya ƙara 585,000 a kan kowace ragowa da ta biyo baya, ya gyara jimillar shiga, ya gyara ragowar ƙarshe. A takarda mai shafi goma, da wuya a yi wannan da hannu ba a bar sawu ba. Haka ma ma'ajin da ya share layin wata cira daga takardar ƙungiya zai bar rami daidai girman abin da ya cira. Amma daidaituwar ragowa ba hujja ce ta sahihanci ba, domin mai haƙuri da kwamfuta yana iya sake lissafa komai. Takardar da za a ɗora babban hukunci a kanta, daga banki kai tsaye ake neman ta, ko a nemi banki ya tabbatar da ita.

Iyaka ta biyu ta fi shafar talaka. Gwajin yana tabbatar da cewa lissafin takarda ya yarda da kansa, ba ya tabbatar da cewa kowane layi halal ne. Da an cire 32,400 ta layi na tara sau biyu, ragowa za ta sauka sau biyu kuma kowane layi zai daidaita sumul. Da ba a mayar da 20,000 ta ATM ba, babu layin da zai tsinke. Cirar da ɓarawo ya yi, cajin da ya wuce ƙa'ida, kuɗin da aka ajiye a kanta amma aka shigar a asusun wani, duk za su wuce wannan gwaji lafiya. Saboda haka bayan alamar farko ta lissafi, kowane layi yana bukatar alama ta biyu, wadda ke nuna an same shi a rasit, ko takardar ajiya, ko littafin shago. Sannan a juya, a bi littafin shago a ga ko akwai abin da ke cikinsa da bai bayyana a takardar banki ba.

Idan bayan duk wannan aka tabbatar akwai giɓi na gaske, ko layin da mai asusu bai san da shi ba, banki ake fara kai wa ƙorafi, kuma a rubuce. A ambaci lambar asusu, ranar ma'amala, bayanin layin kamar yadda yake a takarda, adadin, ragowar da ke gabansa da wadda ke bayansa. Idan tiransifa ce tsakanin bankuna, a haɗa da lambarta mai suna Session ID, mai lambobi 30, domin da ita ake bin sawun kuɗin. A karɓi lambar ƙorafi ko a sa a buga hatimi a kwafin wasiƙar. Idan banki bai warware matsalar cikin lokacin da aka ƙayyade masa ba, mai asusu yana da damar ɗaukaka ƙorafin zuwa sashen kare haƙƙin kwastomomi na Babban Bankin Najeriya, kuma a can za a nemi shaidar cewa an riga an kai wa bankin kuka. Don haka a adana kwafin wasiƙar tare da takardar da aka yi wa alamun fensir, kada a rabu da asalinta.